Handawut ɗin tarihi duk ranaku ne, ta yaya zan koyar da shi?

Tambaya: Salam Malam. An ba ni handawut kan yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fara, shafi ɗaya ne tal kuma duk jerin shekaru ne da ranaku, daga 1871 har 4 ga Agusta 1914. Na karanta ma ɗalibai, sun haddace, amma da na tambaye su me ya jawo yaƙin sai kowa ya ce "an kashe yarima a Sarajevo", daga nan kuma shiru. Ya zan yi in bayyana musu su gane?

Wa alaikis salam Malama. Amsar da yaran suka ba ki ita ce amsar da takardar ta koya musu, don haka kar ki ga laifinsu. Takarda ce mai layi-layi, kowane layi yana faɗin abin da ya faru da ranar da ya faru, amma abin da ya haɗa layi na uku da na huɗu ba a rubuta shi ba, kuma darasin naki gaba ɗaya a wannan farin wurin da ke tsakanin layukan yake. Shi za ki cike, ke da su.

Abin da nake so ki fara yi tun a gida, kafin ki shiga aji, shi ne ki ɗauki biro ki bi takardar daga ƙasa zuwa sama. Eh, daga ƙarshe. Layin ƙarshe na cewa 4 ga Agusta 1914 Birtaniya ta shelanta yaƙi a kan Jamus. Ki tambayi kanki, saboda me? Saboda a ranar sojojin Jamus suka kutsa Beljiyam, ita kuma Birtaniya tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar London ta 1839 cewa Beljiyam za ta zauna 'yar ba-ruwanmu kuma ba mai taɓa ta. To me ya kai Jamus Beljiyam alhali ba da ita take rigima ba? Saboda Faransa take nema, kuma iyakar Faransa da Jamus cike take da ganuwoyi da sansanoni, ta Beljiyam ce hanya mai sauƙi. To me ya haɗa ta da Faransa tunda rigimar a gabas ta taso? Kin ga duk "saboda me" ɗin da kika yi sai ya ja ki zuwa layin da ke sama, ko kuma ya nuna miki cewa akwai wani abu da takardar ta tsallake. Dalilin da ya sa nake fifita tafiya ta baya shi ne, in kina bi daga sama zuwa ƙasa bakinki da kansa zai dinga cewa "sai kuma... sai kuma... daga nan sai...", kuma "sai kuma" ba ya buƙatar dalili, kowane abu biyu a duniya ana iya haɗa su da shi. In kina komawa baya kuwa ba ki da wata kalma sai "saboda", ita kuma ba ta shiga sai da hujja.

Amma fa akwai sharaɗi, kuma a nan mutane da yawa suke zamewa. Duk inda kika sa "saboda", dole a cikin jimlar a samu wani da ya yanke shawara, da abin da yake tsoro ko yake kwaɗayi. Rana ba ta haifar da rana. In yaro ya rubuta "an kashe Franz Ferdinand ranar 28 ga Yuni shi ya sa Ostiriya ta shelanta yaƙi a kan Sabiya ranar 28 ga Yuli", ya sa kalmar dalili amma bai faɗi dalili ba, ya dai canza "sai kuma" zuwa "shi ya sa" ne kawai. Cikakkiyar jimlar ita ce wadda ta ce shugabannin Ostiriya-Hungari suna mulkin daula mai ƙabilu da yawa, cikinsu har da Sabiyawa da sauran danginsu, suna tsoron in Sabiya ta ci gaba da ƙarfi waɗannan mutanen za su ɓalle su koma mata, don haka da aka kashe Franz Ferdinand, magajin sarautarsu, sai faɗuwa ta zo daidai da zama, suka ga ga damar karya Sabiya ta samu. Yanzu akwai mutane a ciki, akwai tsoro, akwai zaɓi. Wannan ita ce jimlar da kike nema a kowane gurbi.

Bari mu bi kwanakin nan na 1914 a tsanake, don a nan ne naman yake.

28 ga Yuni, Gavrilo Princip, saurayi ɗan shekara 19, Basabiye daga Bosniya, ya harbe Franz Ferdinand da matarsa Sophie a Sarajevo, babban birnin Bosniya. Layi na gaba a yawancin irin wannan takarda shi ne 23 ga Yuli, ranar da Ostiriya ta miƙa wa Sabiya takardar wa'adi. Ki sa yara su ƙirga tazarar da yatsa, kwana 25 ne. Sannan su ƙirga daga 28 ga Yuli zuwa 4 ga Agusta, sati ɗaya kacal, kuma a cikin satin nan ne manyan ƙasashen Turai biyar suka tsinci kansu cikin yaƙi. A takarda tazarar layi da layi duk ɗaya ce, santimita ɗaya, ko kwana 25 ne ko shekara 11 ko awa 24, kuma wannan babbar yaudara ce da jerin ranaku ke yi wa ido. Ni ina son a zana layin a allo da tazararsa ta gaskiya, ki ga wuri ɗaya wayam ba komai, wani wurin kuma ranaku sun cunkushe har suna hawa kan juna. Yaro mai lura da kansa zai ɗaga hannu ya ce, Malama, in haushin kisan ne me suka tsaya jira har kusan wata guda?

In aka yi wannan tambayar to darasi ya kama. Amsar kuwa abubuwa uku ne da takardar ba ta rubuta ba. Na farko, Ostiriya ta san Rasha na bayan Sabiya, ba za ta iya taɓa ta ita kaɗai ba, sai da ta aika Berlin ta tambaya, kuma a ranakun 5 da 6 ga Yuli Jamus ta ba ta tabbacin cewa duk matakin da ta ɗauka tana tare da ita. Na biyu, a cikin gida ma ba a haɗa baki ba, firaministan Hungari István Tisza ya ƙi yarda da yaƙi da farko, sai wajen tsakiyar Yuli aka shawo kansa, ga kuma sojoji da yawa an sallame su hutun girbi. Na uku, shugaban Faransa Raymond Poincaré yana ziyara a Rasha daga 20 zuwa 23 ga Yuli, Ostiriya ba ta so takardarta ta isa alhali abokan ƙawancen nan biyu suna zaune wuri ɗaya suna iya shawara baki da baki, sai ta jira ya kama hanya tukuna. Kin ga abin da kwana 25 ɗin nan suka koyar? Cewa ba fushi ne ya ɗebi mutane ba, lissafi aka zauna aka yi. Wannan fahimtar ba ta cikin ko ɗaya daga cikin ranakun biyu, tana tsakaninsu ne.

Takardar wa'adin tana da buƙatu goma, an ba Sabiya awa 48. Ranar 25 ga Yuli Sabiya ta amsa, ta karɓi mafi yawansu, inda ta toge shi ne batun jami'an Ostiriya su shigo cikin ƙasarta a yi binciken shari'a da su. Ki tsaya nan ki tambayi aji, wanda aka biya wa mafi yawan buƙatunsa amma bayan kwana uku ya shelanta yaƙi, amsa yake nema ko hujja? Ki bar su su yi gardama minti biyu-uku, kar ki yi saurin raba su.

Daga nan abubuwa suka fara gudu. 28 ga Yuli Ostiriya ta shelanta yaƙi a kan Sabiya, 30 ga Yuli Rasha ta ba da umarnin a tattaro sojojinta gaba ɗaya. Me ya sa Rasha ta ƙi ja da baya? A nan ne za ki ɗaga yatsa zuwa saman takardar, layin 1908 da yara suka haddace ba su san amfaninsa ba. A 1908 Ostiriya ta haɗe Bosniya cikin daularta, Sabiya ta yi kuka, Rasha ta so ta tsaya mata amma ba ta daɗe da shan kashi a hannun Japan a yaƙin 1904 zuwa 1905 ba, sojanta bai farfaɗo ba, da Jamus ta matsa mata a 1909 sai ta haɗiye ta yi shiru. Shugabannin Rasha a 1914 suna tuna wannan kunyar, suna ganin in suka sake janyewa ba wanda zai ƙara ɗaukarsu babbar ƙasa a yankin Balkan. To kin ga kibiya ta taso daga 1908 ta tsallake layuka da yawa ta sauka a 30 ga Yuli 1914. Wannan ma abin koyarwa ne, dalilin abu ba lallai ne ya zama layin da ke samansa kai tsaye ba, wani lokaci yana can shekara shida baya.

Sai tambayar da ta fi ɗaure wa yara kai, kuma gaskiya ta cancanci ta ɗaure: Rasha ce ta tara soja a gabas, me ya sa Jamus ta juya yamma ta auka wa Faransa? Ki sake komawa sama. 1871 Jamus ta ci Faransa da yaƙi ta ƙwace Alsace da Lorraine, gaba ta zauna. 1894 Faransa da Rasha suka ƙulla ƙawancen soja, ma'ana Jamus ta zama a tsakiya, maƙiyi a dama maƙiyi a hagu. Hafsoshin Jamus suka yi lissafi cewa Rasha ƙasa ce mai faɗi, layin dogonta bai kai nasu ba, za ta ɗau makonni kafin ta gama kawo sojojinta bakin iyaka, don haka dabara ita ce a yi maza a gama da Faransa cikin kamar sati shida sannan a kwaso sojoji a jirgin ƙasa a fuskanci Rasha. Shi ne tsarin da ake kira da sunan Schlieffen. Duk tsarin ya rataya ne a kan jinkirin Rasha, saboda haka duk ranar da Rasha ta fara tara soja Jamus ba ta motsa ba, rana ce da aka cire mata daga sati shidan nan. In yaro ya gane wannan guda ɗaya, ranakun 1 ga Agusta da 3 ga Agusta da 4 ga Agusta ba sai ya haddace jerinsu da ƙarfi ba, zai iya fito da su da kansa: yaƙi da Rasha, sai Faransa, sai a bi ta Beljiyam, sai Birtaniya ta shigo. Ba yadda za a yi ya sa Birtaniya kafin Beljiyam, don ya san wanne ne ya jawo wanne.

Yanzu ga gwajin da nake so ki koya musu, wanda zai yi musu aiki a kowane babi na tarihi ba wannan kaɗai ba. Ki rufe layi ɗaya da hannu ki ce, da wannan bai faru ba, na ƙasansa zai faru? Ki fara da mai sauƙi don su kama hannun, ki rubuta a allo cewa jirgin ruwan Titanic ya nutse a 1912, gaskiya ne ya faru, kuma kafin 1914 ne, a cire shi me ya canza? Ba komai. To zuwa kafin abu ba shi ne jawo shi ba. Sannan ki kawo mai wuya, kisan Sarajevo kansa. Ki gaya musu cewa a 1898 an kashe Elisabeth, matar sarkin Ostiriya Franz Joseph, a Geneva, wani Ba'italiye ne ya soke ta, gidan sarauta ɗaya, sarki ɗaya ne a kan gado a 1898 da 1914, amma ba a yi yaƙi da Italiya ba, ba a yi da kowa ba. Me ya bambanta? Wanda ya kashe Elisabeth ɗan aƙidar ƙin gwamnati ne da ba wata ƙasa a bayansa, kuma ba wanda a Vienna, babban birnin Ostiriya, yake neman hujjar yaƙi a lokacin. A 1914 kuwa makaman maharan daga Sabiya suka fito ta hannun wasu jami'an sojanta, Sabiya ta fito daga yaƙoƙin Balkan na 1912 da 1913 ƙasarta ta kusa ninkuwa, kuma akwai manya a Vienna da suka daɗe suna cewa a murƙushe ta. Da wannan misalin ɗaya yaran za su raba abu biyu da kansu, abin da ya tayar da rikici a ranar, da abin da ya daɗe yana taruwa har ya sa ranar ta yi tasiri. Ba sai kin ba su wasu manyan sunaye su haddace ba, in sun iya faɗin bambancin da bakinsu ya isa.

Akwai haɗari ɗaya a wannan hanyar kuma ina so ki kula da shi sosai, domin ni ya fi damuna fiye da haddar ranakun ma. In kika jera kibiyoyi suka yi kyau, wannan ya jawo wannan ya jawo wancan, yara za su fita da tunanin cewa dole ne abin ya faru, tun 1871 an riga an gama, mutanen 1914 ba su da ta cewa. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma mummunan darasi ne a ba yaro game da yaƙin da ya ci rayukan miliyoyin mutane, domin in dole ne to ba mai alhaki kenan. Maganinsa yana cikin takardarki. Layin 1882 na cewa Italiya ta shiga ƙawance da Jamus da Ostiriya. In ƙawance ne ke jan ƙasa cikin yaƙi ko tana so ko ba ta so, ya kamata Italiya ta shiga a Agustan 1914 a gefensu. Ba ta shiga ba, ta ce ƙawancen na kare kai ne kuma Ostiriya ce ta fara kai hari, sannan a Mayun 1915 ta shiga yaƙin a ɗaya gefen. Haka ita ma Birtaniya, fahimtar junan da ta yi da Faransa a 1904 da Rasha a 1907 ba alkawarin shiga yaƙi ba ne, majalisar ministocinta a rabe take har farkon Agusta, batun Beljiyam ne ya haɗa kan mafi yawansu, duk da haka biyu daga ciki suka ajiye aiki. Don haka a kan kowace kibiya ki dinga tambaya, wane zaɓi ne kuma yake gabansu a ranar, me ya sa ba su ɗauke shi ba? Kuma ki gaya musu kai tsaye cewa masana tarihi har yau ba su daina jayayya kan wa ya fi ɗaukar alhaki ba, wasu sun fi ɗora wa Berlin da Vienna, wasu suna ganin Rasha da Sabiya da Faransa ma suna da nasu kason. Ranakun ba a jayayya a kansu, kibiyoyin ne ake jayayya, kuma yana da kyau yaro ya san wanne ne wanne.

A aikace, in darasin minti 40 ne, kar ki ce sai kin haɗa duk layukan. Ki zaɓi kibiya biyar ko shida ki yi su da kyau. Ki yanka kwafin takardar layi-layi da almakashi, ki yanke ranakun ki ajiye a aljihu, ki ba kowane rukuni na yara huɗu ko biyar guntayen a cakuɗe, su jera su da hankali kawai, kuma duk guntu biyun da suka haɗa sai sun rubuta jimla ɗaya mai "saboda" da sunan wanda ya yanke shawara. Ke kuma ki dinga zagayawa kina saurare. Za ki ji wani rukunin ya sa shigar Jamus Beljiyam kafin Rasha ta tara soja, kar ki ce musu ba daidai ba ne, ki ce to me ya sa Jamus take sauri haka? In sun rasa amsa su da kansu za su juya guntayen. Sai a minti goma na ƙarshe ki fito da ranakun su duba ko jerinsu ya dace. Inda ya saɓa, nan ne wurin da ba su gane ba, kuma kin samu abin da za ki fara da shi gobe.

Ban ce a watsar da ranaku ba fa, jarrabawa za ta tambaya, kuma ranar ita ce ke tsare dalili kar ya yi ƙarya, in yaro ya ce Rasha ta tara soja saboda Jamus ta shelanta mata yaƙi, 30 ga Yuli da 1 ga Agusta ne za su nuna masa ya juya abin. Sai dai ba duka suke da nauyi ɗaya ba. A wannan babin zan ce su riƙe 1894 da 1908 daga na nesa, sai 28 ga Yuni, 23 ga Yuli, 28 ga Yuli, 30 ga Yuli da 4 ga Agusta, sauran suna rataye a jikin waɗannan.

In kina so ki san ko sun gane, kar ki sake tambayar "me ya jawo yaƙin", wannan tambayar tana karɓar amsar hadda. Ki ba su wadda ba ta cikin takarda: an yi harbi a Bosniya, me ya sa bayan kwana 37 sojoji suke tsallaka iyakar Beljiyam, ƙasar da ba ruwanta da Princip ko Sabiya? Wanda ya haddace zai jero miki ranaku ya tsaya. Wanda ya gane za ki ji bakinsa na cewa tsoro, ƙawance, jirgin ƙasa, sati shida, ko da ya manta ko 3 ga wata ne ko 4, kuma wannan mantuwar a minti ɗaya ake gyara ta.